Manhajar jinyar al'umma a makarantar difloma: yadda aka jera ta bisa damina da rani

A Kamaru karatun ma'aikacin jinya mai diflomar gwamnati shekara uku ne, kuma Ma'aikatar Lafiya ce ke tsara ginshiƙin manhaja, ita ce ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ƙasa. Makaranta ba ta da ikon soke darasi ko rage masa awowi. Abin da ke hannunta shi ne jeri: me za a fara koyarwa, wane wata ɗalibai za su fita ƙauye, mutum nawa za a tura kowace cibiya, da yadda za a ba da maki kafin jarrabawar ƙasa. A darasin jinyar al'umma wannan jerin shi ne kusan komai, domin a arewa cututtuka da lokacinsu suke zuwa, kuma lokacinsu bai dace da na makaranta ba.

Mu ɗauki makaranta a yankin Garwa mai ɗalibai 48 a aji guda, wadda ta ware wa wannan darasi awa 120 na aji da mako 14 na aikin fili cikin shekara ukun. Alƙaluman na misali ne domin lissafi ya fito fili, kowace makaranta sai ta sa nata.

Yadda tsarin yake a da

An zuba awa 90 na lacca a shekarar farko, tun ɗalibi bai taɓa riƙe sirinji ba. A nan aka koyar da taron Alma-Ata na 1978, da shirin Bamako na 1987, da matakan tsarin lafiya daga gunduma zuwa cibiya, da ma'anar annoba. Sauran awa 30 suka koma shekara ta uku a matsayin bita. Makonni 14 na fili kuwa an raba su gida biyu, duka a rani, kuma an tura ɗalibai sha biyu-sha biyu cibiyoyi huɗu da ke bakin gari saboda sauƙin kuɗin babur.

A takarda babu abin da ya ɓace. Matsalar tana bayyana ne idan wanda ya gama ya sami kansa a cibiyar lafiya ta karkara, wani lokacin shi kaɗai ne mai difloma a wurin, da mataimakin jinya ɗaya da 'yan ma'aikatan lafiya na unguwa. Zai iya lissafo maka rukunan kiwon lafiya matakin farko ba tare da ya tsallake ɗaya ba, amma bai san kwalaben rigakafi nawa zai nema a wata ba. Bai taɓa ganin rabon maganin rigakafin maleriya na damina ba, wanda ake yi wa yara daga wata 3 zuwa 59 a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, saboda rabon yana faɗowa tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da makaranta ke hutu. Bai ga tamowa a lokacin da take tsananta ba, wato tsakiyar damina da rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba. Ya yi shekara uku yana karatun lafiyar al'umma, amma watanni huɗun da suka fi cika cibiya da yara ba ya nan.

Daga aiki aka fara, ba daga jerin darussa ba

Kwamitin da aka kafa domin gyara tsarin ya ƙunshi malamai uku, shugabannin cibiya biyu da suka daɗe a karkara, da wakili ɗaya daga ofishin gundumar lafiya. Bai fara da buɗe tsohuwar manhaja ba. Tambaya ɗaya aka yi wa shugabannin cibiyar: idan aka turo muku sabon ma'aikaci gobe, wane aiki kuke so ya yi ba tare da kun tsaya a kansa ba? Amsoshin sun haura talatin, aka matse su zuwa shida. Ya iya shiga ƙauye ya gano matsalarsa da ƙidaya. Ya iya shirya ranar rigakafi daga firji har rijista. Ya iya gano yaro mai tamowa ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura. Ya iya jagorantar rabon magani gida-gida. Ya iya hango annoba daga alƙaluman mako ya kai rahoto a kan kari. Ya iya cika rahoton wata, ya karanta shi, ya zauna da kwamitin lafiya na yanki a kansa.

Daga nan kowace awa ta lacca sai ta nuna wanne daga cikin shidan take yi wa hidima. Tarihin kiwon lafiya matakin farko ya sauka daga awa 12 zuwa 4, kuma ba a yi asarar komai ba. Awowin da aka samu suka tafi lissafi, wanda shi ne raunin da shugabannin cibiya suka fi kuka da shi. Sabon rabon ya zama awa 40 da mako 3 a shekarar farko, awa 50 da mako 5 a ta biyu, awa 30 da mako 6 a ta uku. Jimilla ba ta canja ba, don haka babu saɓani da tsarin ma'aikata.

Shawara guda ce ta riƙe sauran: rukuni takwas na mutum shida-shida, kuma kowane rukuni yanki ɗaya zai riƙa komawa har shekara ukun. Za mu dawo kan dalilin shida. Dalilin yanki ɗaya kuwa shi ne ƙauyukan da ke kusa da makarantu sun gaji. Kowace shekara sababbin fuskoki su zo su tambayi mutum ko yana da masai, ko yana kwana cikin gidan sauro, su rubuta su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. A shekara ta uku ko ta huɗu mutane sukan fara ba da amsar da za ta sallami baƙo da sauri, binciken ya zama banza. Wanda ya san zai dawo baɗi ya haɗa ido da mai gidan nan, yakan yi hankali da abin da zai tambaya da abin da zai alkawarta.

Shekarar farko: shiga ƙauye

An sa makonni ukun a Janairu zuwa Fabrairu. Hanyoyi sun bushe, an gama girbi, maza suna gida, zafin bazara bai kankama ba. Kafin fita, awa 40 ɗin sun tafi ne a kan zanen taswirar ƙauye, yadda ake tsara tambaya, lissafin kashi cikin ɗari, da ladabin shiga gari.

Ladabin shiga gari darasi ne mai maki, ba nasiha ba. Takardar gabatarwa tana bi ta ofishin gunduma da shugaban cibiya, amma ba ita ke buɗe ƙofa ba. Sai an gaida lamido ko wakilinsa, a sauka wurin lawan, sannan jauron ƙauyen, a kuma sanar da liman da fasto inda akwai coci. A aji ake gwada wannan: malami ya zauna a matsayin jauro, ɗalibi ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga makarantar jinya, mun zo koyon aiki. Ba mu zo da magani ko kayan rabo ba, amma abin da muka gani a gabanka za mu fara faɗarsa kafin mu kai makaranta." Wannan jumla ta biyu ce ake yawan tsallakewa, kuma rashinta ke sa a ɗauki ɗalibai a matsayin masu rubuta sunan tallafi, kowane gida ya ƙara yawan 'ya'yansa.

Haɗa rukuni ma ba a bar shi ga son rai ba. Karatu da Faransanci ake yi, ƙauye kuwa Fulatanci ne ya fi yawa, sai Hausa a unguwannin 'yan kasuwa, sai Tufuri ko Masa ko Giziga ko Mafa gwargwadon inda aka sauka. An shardanta kowane rukuni ya sami aƙalla mutum biyu masu jin harshen wurin, da aƙalla mata biyu, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure, kuma bayanin yara da masu ciki a cikin gida yake. Rukunin da ya zama maza zalla zai dawo da amsoshin masu gida, waɗanda galibi ba su san inda katin rigakafin yaro yake ba.

Kwana 15 na aiki an raba su haka: huɗu na gaisuwa da taswira da gwada tambayoyi a gidaje goma, takwas na bi gida-gida, uku na lissafi da taron mayar da bayani. Mutum biyu-biyu suna iya gida takwas a rana idan tambayoyin ba su wuce 25 ba, wato gida 192 ga rukuni guda. Tsohuwar takardar tana da tambaya sama da sittin, kuma duk mai duba irin waɗannan takardu ya san alamar: shafin farko cike da rubutu iri-iri, shafin ƙarshe duk amsa ɗaya da biro ɗaya, an cika a gindin bishiya. Malamin da ya zo duba aiki yakan zaɓi gida biyar daga takardun ya koma da kansa ya sake tambaya uku. Idan biyu cikin biyar ba su dace ba, a sake aikin ranar.

Shekara ta biyu: inda aka fi daɗewa ana muhawara

Makonni biyar ɗin an raba su: uku a Nuwamba zuwa Disamba domin rigakafi, biyu a Agusta domin damina.

A nan dalilin mutum shida ya fito. A ɗauki yankin lafiya mai mutum 12,000. Idan gunduma ta ƙiyasta jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin ɗari, jarirai 480 ke nan a shekara, 40 a wata. Allurar Fenta, mai rigakafin cututtuka biyar a haɗe, da ta ciwon huhu duka a cinya ake yin su, a mako 6 da 10 da 14 na haihuwa. Cibiya irin wannan, da yake ba kowa ke dawowa ba, tana yin allurar cinya kimanin 45 a mako, wato 135 cikin mako uku. Littafin ɗalibi yana neman ya yi 20 a gaban mai kula da shi. Mutum shida za su sami 22 kowanne, ya isa da ƙyar. Mutum sha biyu za su sami 11. A tsohon tsari sha biyu ake turawa, kuma kowane littafi yana dawowa da sa hannu a kan 20. Ba sai an zargi kowa ba, lissafin kansa ya nuna kusan rabin sa hannun ba gaskiya ba ne. Ƙa'idar da aka fitar ita ce a buɗe rijistar cibiya ta wata shida kafin a yanke yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Girman gini ko kusancinsa da kwalta ba ma'auni ba ne.

Awa 50 na aji a wannan shekara kusan rabinsu lissafi ne da rijistar gaske wadda aka goge sunaye. Misalin da ake fara yi shi ne wannan. Cikin wata shida abin da ake sa rai jarirai 240 ne. An yi wa 216 Fenta ta farko, wato kashi 90. An yi wa 162 ta uku, wato kashi 67.5. Waɗanda suka fara ba su gama ba ana fitar da su haka:

```
(216 − 162) ÷ 216 × 100 = 25%
```

Duk abin da ya haura kashi 10 matsala ce. Amma ba a ba ɗalibi cikakken maki don ya sami 25, sai ya faɗi me take nufi. Tunda kashi 90 sun zo karon farko, nisa ba shi ne babban cikas ba, iyaye sun san hanya. Wani abu ne ke hana su dawowa: ko ba a gaya musu ranar komawa da harshen da suke ji ba, ko yaro ya yi zazzaɓi da kumburin cinya bayan allurar farko ba wanda ya gargaɗe su, ko sun dawo an ce allura ta ƙare, ko ranar ta faɗo ranar kasuwa. Da a ce karon farkon ne ya yi ƙasa, a ce kashi 55, to maganar ta koma kan nisa da fita rigakafi zuwa ƙauyukan da suka wuce kilomita biyar. Matsala biyu ce daban, maganinsu daban, kuma ɗalibin da bai bambance su ba zai kashe man babur a inda ba a buƙata. A fili, rukunin zai ciro sunayen yaran da suka ɓace daga rijista, ya bi su gida tare da ma'aikacin lafiya na unguwa, ya dawo da ainihin dalilin.

Lissafi na biyu na neman kaya ne. Allurar Bisiji ta tarin fuka tana zuwa da awo 20 a kwalba, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa ake lissafa mata asara har kashi 50, wato a ninka buƙata sau biyu: jarirai 40 a wata, awo 80, kwalba huɗu. Kwalba huɗu na nufin sau huɗu za a buɗe a wata, kusan sau ɗaya a mako. Wanda bai yi wannan lissafin ba, ko dai ya buɗe kullum kaya su ƙare a tsakiyar wata, ko ya ƙi buɗewa sai jarirai sun taru, ya mayar da uwa gida da jaririnta, ita kuwa ba lalle ta dawo ba.

Firji kuma a gaban firji ake koyon sa. Ɗalibi yana karanta ma'aunin sanyi safe da yamma ya rubuta, ya tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8. A ƙasa mai zafi kowa zafi yake tsoro, shi ya sa sabon hannu ke manna kwalabe a jikin ƙanƙara, alhali daskarewa ke kashe Fenta, kuma ba ta nunawa a alamar da ke jikin kwalba, domin alamar zafi kawai take gani. Makarantar ta ajiye kwalba ɗaya da aka daskarar da gangan aka rubuta mata alama. Ɗalibi ya girgiza ta tare da wadda ake zargi, ya ajiye su a kan tebur ta fuskar haske ya zuba ido. Idan garin wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na daskararriyar, ta lalace. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya, zai riƙa barin ƙanƙara ta fara narkewa kafin ya jera ta a akwatin fita.

Makonni biyun Agusta su suka fi wuyar samu. Hutu ne, malamai suna da haƙƙinsa, ɗalibai da yawa suna gona. An warware ta hanyar musanya: makonni biyun suka zama na dole masu maki, aka rage biyu daga ƙarshen zangon da ya gabata. An kuma daidaita su da jadawalin da gunduma ta fitar, yadda makon farko zai faɗo a kan zagayen rabon magani. Ɗalibi yana bin mai rabo, ba ya maye gurbinsa. Abin da ake so ya ƙware a kai shi ne tambayoyin da ake yi kafin a ba yaro ƙwaya: shekarunsa, domin fakitin ɗan wata 3 zuwa 11 daban yake da na ɗan wata 12 zuwa 59, ko yana da zazzaɓi yau, domin mai zazzaɓi gwaji yake buƙata ba rigakafi ba, ko ya taɓa yin ƙuraje bayan shan irin wannan magani, ko yana shan maganin Kotirimoksazol. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan shirin ke zubewa. Bayanin da ake sa ɗalibi ya maimaita har ya zauna masa gajere ne: "Inna, wannan na gobe ne, wannan na jibi. Kada ki ajiye don ranar da zai yi zazzaɓi, kada ki raba da ƙaninsa. Zan dawo in ga fakitin." Kuma dole ya dawo, domin komawar tana cikin makinsa.

A gidajen nan ne kuma ake auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, daga 115 zuwa ƙasa da 125 matsakaiciya. Kuskuren da aka fi gani ba a igiyar awon yake ba, a ƙafa yake. Ɗalibi ya auna damtse ya ga igiyar ta nuna kore, alamar lafiya, ya wuce, bai danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku ba. Yaron da yatsa ya bar rami a ƙafafunsa biyu tamowarsa mai tsanani ce ko me igiya ta nuna, kuma shi ne iyaye ke gani kamar ya yi ƙiba. Mako na biyu ana bin waɗanda aka tura cibiya a ga ko sun je.

Damina tana da nata sharuɗɗa. Ba kowace cibiya cikin takwas ɗin ake iya kaiwa a Agusta ba, rafi ɗaya ya cika hanya ta yanke kwana biyu ko uku. Saboda haka ɗalibai a can suke kwana, kuma sai an tabbatar da ɗakin mata daban da gidan sauro ga kowa kafin a amince da cibiya. Yankunan da tsaro bai inganta ba kusa da iyaka an cire su gaba ɗaya, ko da ɗalibi ɗan can ne.

Shekara ta uku

Makonni shidan an sa su a Maris zuwa Afrilu, lokacin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau da ƙyanda. Aikin gida-gida da sassafe ake yi, domin a Garwa zafin waɗannan watanni yakan haura digiri 40. Ana kuma duba inda azumi zai faɗo kowace shekara, tunda yana matsowa da kwana goma sha ɗaya.

A wannan zango kowane ɗalibi yana riƙe da kujerar mataimakin shugaban cibiya na mako guda. Shi zai tattara alƙaluman mako, ya zana su a takardar bango, ya san a yankin da bai kai mutum 30,000 ba mutum biyu da ake zargi da sanƙarau cikin mako ɗaya sun isa a faɗakar da gunduma, biyar kuwa annoba ce. Rukunin ne zai cika rahoton wata daga rijistoci, ya kwatanta da abin da aka shigar a DHIS2, wato rumbun alƙaluman lafiya na kwamfuta, ya nemo inda suka saɓa. A ƙarshe ya koma gaban jauro da kwamitin lafiya da alƙaluman shekarar farko a hannu ɗaya, na yanzu a ɗayan.

Maki

Idan jarrabawa ba ta canja ba, ɗalibai ba za su canja yadda suke karatu ba, ko me aka rubuta a manhaja. A da kashi 70 na makin darasin daga rubutu yake fitowa, 30 daga rahoton rukuni, wanda mutum ɗaya ke rubutawa biyar su sa suna, wani lokacin ma na aji da ya wuce ne aka canja masa sunan ƙauye. Yanzu rubutu 30 ne, littafin fili 20, kare rahoto da baki mutum ɗaya-ɗaya 20, gwajin aiki 30.

Gwajin aikin tasha biyar ne, kowace minti takwas da biyu na canji: firji da gwajin girgiza, awon damtse da duba kumburi, lissafi daga rijista, bayani ga uwa da harshen gida, da cika takardar rahoton annoba. Ɗalibai 48 zagaye goma ke nan na minti 50, fiye da awa takwas idan layi ɗaya ne. Da layi biyu da masu gwaji goma ana gamawa cikin awa huɗu da 'yan mintoci, kuma rabin masu gwajin shugabannin cibiya ne. Akwai kurakurai uku da ke kayar da ɗalibi a tashar ko da ya yi sauran daidai: amfani da allurar da ta daskare, amfani da wadda aka haɗa fiye da awa shida, da sallamar yaro mai kumburin ƙafa. An fi son a faɗi wa ɗalibai waɗannan ukun tun ranar farko, domin manufar ita ce kada su yi su, ba a kama su ba.

Tashar harshe ta jawo gardama, da hujjar cewa ɗalibin da ya zo daga kudu ba ya jin Fulatanci. An amince ya yi ta hannun tafinta, a ba shi maki a kan yadda ya yi amfani da shi: gajerun jumloli, fuskantar uwa ba tafinta ba, da sa ta maimaita abin da ta ji. Haka zai yi aiki idan aka tura shi ƙauyen da ba harshensa ba.

Abin da bai warwaru ba

Cibiyoyi takwas sun ninka aikin sa ido. Malamai uku ba za su iya zagaya takwas fiye da sau ɗaya a mako ba, saboda haka nauyin koyarwa a fili ya koma kan shugabannin cibiya, waɗanda ba a horar da su koyarwa ba kuma ba a biyan su a kanta. An yi musu bita ta kwana biyu a kan littafin fili da yadda ake gyara ɗalibi ba a gaban marar lafiya ba, amma da an canja wa ɗaya wurin aiki sai a koma farawa da wanda ya gaje shi. Kuɗin kwana da abinci a ƙauye kuma har yanzu a aljihun ɗalibi yake, kuma ya fi na cibiyoyin bakin gari tsada. Makarantar ta sa layi na musamman a kasafinta na man babur da ɗan alawus na masu kula da ɗalibai, sannan ta nemi yarjejeniya a rubuce da gunduma domin jadawalin rabon maganin damina ya iso ta tun Mayu, kafin ɗalibai su watse hutu.